Fitila ɗaya ta mutu, ko duka takwas sun kama: wane kebul ne lalatacce?

"Na matse kebul biyu, kowanne mita 40. A testa, na farko fitila ta 4 ba ta kamawa, amma intanet na tafiya a kansa. Na biyu fitilu takwas duk sun kama a jere, sai dai yana ta yankewa. Wanne zan gyara?"

Ɗan'uwa, duka biyun za ka gyara, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne, kuma na biyun ya fi ba ni damuwa.

Ka fara sanin iyakar abin da ke hannunka. Ƙaramar testar nan mai batir ɗin bolt 9 tana tura wuta ne cikin wayoyi takwas ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren da ke ɗaya ƙarshen kuma ya nuna lambar da wutar ta iso. Tambaya ɗaya take amsawa: shin abin da ya shiga ta ƙafa ta 3 ya fita ta ƙafa ta 3? Ba ta ganin launin wayar da ta ɗauko wutar, balle ta san da wace waya aka murɗa ta.

Kebul na farko waya ce ta katse, kuma testa ta faɗi gaskiya: 1, 2, 3, ta tsallake, sai 5. Abin da ya sa yake aiki shi ne haɗin megabit 100 ƙafafu huɗu kawai yake amfani da su, wato 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa sai da takwas ɗin. Don haka na'urori da yawa sukan sauko zuwa 100 su yi shiru. Da a ce 3 ce ko 6 ta mutu, da haɗin bai tashi ba sam. Idan kana kan Linux, duba layin `Speed` a nan, ka sa sunan katin sadarwarka a madadin `eth0` in ya bambanta:

```
ethtool eth0
```

Yawanci matsalar tana a RJ45 ne, wato kan robar da ka matse a ƙarshe, ba tsakiyar kebul ba. Ka leƙa ta gaban robar: ko wayar ba ta kai ƙarshe ba, ko haƙorin ƙarfen bai nutse ya huda ta ba. Yanke kan da ka zarga, ka sa sabo. In testarka na da maɓallin `S` mai rage gudun fitilu, kunna shi ka riƙa motsa wuyan kebul ɗin, don waya mai taɓawa tana saki ta nuna kanta.

Na biyu kuma, ina kyautata zaton an raba tagwaye ne. Wayoyin nan takwas bibbiyu aka murɗa su, kuma kowane saƙo yana tafiya ne a kan waya biyu da suke murɗe da juna, domin hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai, mai karɓa ya soke ta. Na'ura tana ɗaukar tagwayen a matsayin 1 da 2, 3 da 6, 4 da 5, 7 da 8. Lura da 3 da 6: ba sa maƙwabtaka, shuɗaye biyu ne a tsakaninsu.

A nan mutane suke faɗawa. Sai a jera launuka yadda ido ke so: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu, a yi haka a kai biyun. Kowace ƙafa ta je wa takwararta, testa ta ba ka 1 zuwa 8 tsaf. Amma yanzu ƙafa ta 3 fari mai ratsin kore ce, ta 6 kuwa shuɗiya, wayoyin da ba a murɗa tare ba. Amfanin murɗin ya tafi, saƙon wannan yana zuba cikin wancan. A mita ɗaya ko biyu ba lallai ka lura ba. A mita 40 sai ɓatattun fakiti, jan ƙafa da yankewa, alhali kebul mai kyau yana kaiwa mita 100.

Tunda fitilu ba za su tona wannan ba, idonka ne testa. Riƙe kan kebul, ƙarafan suna kallonka, maƙallin robar a baya, kebul ɗin yana sauka ƙasa. Ƙafa ta 1 tana hagu. A tsarin T568B za ka ga fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Idan ka ga korayen biyu manne da juna a 3 da 4, ka kama ɓarawon. Sake kai biyun, ba ɗaya ba, kuma kada ka warware murɗin fiye da kamar milimita 13.

In jerin daidai yake kuma yankewar ba ta daina ba, to aikin ya fi ƙarfin wannan testar. Sai ka nemi aron irin mai allo wadda ke gane rabuwar tagwaye da auna tsawon kowannensu, ko ka gwada wani kebul da ka yarda da shi a ramin nan na suwic.