Koren ɗigon da ya tona min abin da wayata ke ji

Wata uku ke nan da na canza waya. Ta hannu ce, kuma duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kwanan nan ya san abin da ake cewa a kan irinta, don haka ba zan tsaya a kan kuɗi ba. Batun kyamara da batir ma na bar wa masu son su. Abu ɗaya ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, wato wani ɗan koren ɗigo da ke fitowa a saman fuskar wayar ta gefen dama, da kuma wurin da ake duba manhajojin da aka bai wa izinin amfani da makirufo.

Ranar wata Laraba bayan isha'i yayata ta zo, muka shige ɗaki muka ja ƙofa. Maganar auren 'yarta ce, irin wadda ko mazajenmu ba mu so su ji ba tukuna. Wayar tana kan katifa tsakaninmu. Mun yi nisa sosai, har an kai ga ambaton sunaye, sai wata mai sayen atamfa ta turo saƙo. Ina ɗaga wayar na ga koren ɗigon. Na san shi, domin yakan fito duk lokacin da nake naɗar saƙon murya a WhatsApp, amma a wannan lokacin ba na naɗar komai, ba na kira. Gabana ya faɗi. Na ce, "Yaya, dakata, wayar nan tana jin mu."

Na ja fuskar wayar daga sama zuwa ƙasa, ɗigon ya koma ɗan hoton makirufo, na danna shi. Nan take ta rubuto min sunan manhajar da ke amfani da shi. Wata manhaja ce ta ɗaukar bidiyon abin da ke kan fuskar waya, wadda ban ma san tana ciki ba. Ashe ɗana ne ya sauke ta da yamma don ya ɗauki wasan ƙwallon da yake bugawa a wayar ya nuna wa abokansa. Da na kira shi cin abinci sai ya ajiye ta ba tare da ya tsayar da ɗaukar ba. Da na buɗe wurin hotuna, ga bidiyo na minti 52: farkonsa wasa, sauran duk muryata da ta Yaya, tangaran, har da kukanta. Yaron da ya saba tura irin wannan bidiyo zuwa zauren abokansa ba tare da ya kalla ba! Na goge shi, na shiga kwandon shara na wurin hotunan na sake goge shi, domin gogewar farko ajiye shi kawai take yi na wasu kwanaki.

Wallahi a daren nan da an ce in ba wayar maki, goma bisa goma zan ba ta. Tsohuwar wayata ba ta da wannan ɗigo, domin sai daga Android 12, wanda ya fito a 2021, aka fara saka shi. Yaya mai iPhone ce, ta ce nata ruwan lemo yake fitowa idan makirufo ne, kore kuma idan kyamara ce. A tawa kuwa kore ne ga duka biyun, sai ka danna za ka bambance.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, da na tambayi yaron ya ce, "Umma, ai While using the app na danna, ba koyaushe ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Ni ma a da ina ɗauka cewa wannan zaɓi yana nufin sai manhaja tana buɗe a gabanka za ta ji ka. Ba haka ba ne. Muddin ta fara aikinta kana ciki, ta kuma ajiye sanarwa a saman waya cewa tana kan aiki, wayar tana lissafa ta a matsayin wadda ake amfani da ita, ko da ka fita ka shiga wata. Da haka ne kiran WhatsApp ke ci gaba kana duba hotuna. Sanarwar manhajar nan tana nan tun da yaron ya fara ɗauka, sai dai ta nutse cikin sanarwoyi kusan talatin na kwastomomi, ban kula ba.

Da Yaya ta tafi ban kwanta ba. Na shiga Settings, na rubuta Permission manager a wurin bincike na sama, na zaɓi Microphone. Manhajoji 21 na tarar a ƙarƙashin waɗanda aka yarje wa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: akwai ranar da na taɓa yi wa wannan magana da bakina? Manhajar kira, WhatsApp, kyamara saboda sautin bidiyon kayan da nake tallatawa, da rakodar da nake ɗaukar karatun Islamiyya da ita, waɗannan huɗun ban taɓa su ba, aikinsu ke nan. Amma ga manhajar tocila. Ga wasanni uku. Ga ta sauke bidiyo, ga wata mai cewa tana share datti daga waya, ga ta gyaran hoto. Me tocila za ta yi da muryata? Duk na shiga na danna Don't allow, biyar daga ciki ma na cire su daga wayar gaba ɗaya.

Akwai na tsakiya, waɗanda sukan buƙaci makirufo jefi-jefi. Manhajar banki na iya nema ranar da za ta ɗauki ɗan bidiyon fuskarka don tantancewa, daga nan ba ta da sauran buƙata. Manhajojin sada zumunta sai ranar da zan ɗauki bidiyo daga cikinsu, ni kuwa da kyamarar waya nake ɗauka in ɗora. Waɗannan na mayar da su Ask every time. Idan suka nema sai in danna Only this time, ina fita jim kaɗan izinin ya janye da kansa. Kibod ma na duba: ba na rubutu da murya, don haka na hana ta. Chrome kuwa tana da nata jerin a ciki, Settings sannan Site settings sannan Microphone, inda ake ganin shafukan da aka taɓa yarje wa ɗaya-ɗaya. Na tarar da biyu da ban gane su ba, na cire.

To amma fa da na zo wannan wurin sai raina ya soma ɓaci, farin cikin ya ragu. Yawancin tarkacen nan ba ni na saka su ba. Yaron shagon da na sayi wayar ne ya ce zai loda min manhajoji kyauta, na ga yana buɗe su yana danna abu da sauri, ban tambaya ba. Allow yake ta danna wa kowace. Wata uku ina yawo da waya a jaka, a ɗakin kwana, a gidan biki da na rasuwa, da tocila mai izinin sauraro. Ba zan ce sun saurare ni ba, domin samun izini daban, amfani da shi daban. Na je in tabbatar a Privacy dashboard, inda ake jera wace manhaja ta kunna makirufo da ƙarfe nawa, sai na ga a wayata awa 24 kacal yake nunawa. A cikin awa 24 ɗin WhatsApp ne, sai kira, sai manhajar ɗana daga ƙarfe takwas saura. Na sauran kwanakin babu hanyar gani. Kuma janye izini yau ba ya dawo da abin da wata manhaja ta riga ta ɗauka jiya, kamar yadda hana manhajar yaron bai goge bidiyon ba sai da na goge da hannuna. Sannan me ya sa abu mai nauyin wannan zai kasance a binne? Kafin in yi dabarar rubuta sunansa a wurin bincike na fi minti goma ina shiga ina fita, domin hanyar da Yaya ta nuna min a tata daban ce, ta maigidana ma daban, alhali shi ma Android ce.

Sai kuma makunnin nan na Mic access da ke cikin maɓallan da ake jawowa daga sama. Idan ka kashe shi, kowace manhaja shiru take ji, har waɗanda ke da izini. Na ji daɗinsa, na mayar da shi al'ada duk lokacin da za a yi maganar sirri. Ranar Juma'a na kashe na manta, na bai wa Hajiyarmu wayar ta yi wa ƙanena da ke Saudiyya saƙon murya. Wayar ta fito da tambaya da Turanci ko a buɗe makirufo, Hajiya ba ta karanta boko, ta danna abin da yatsanta ya faɗa a kai ta ci gaba da magana. Minti uku tana zuba masa addu'a da saƙon gaisuwa ga mutane, ya dawo da amsa cewa, "Hajiya, ban ji komai ba." Ranta ya sosu, ta ce ita ba za ta sake ba. Wannan ya tsaya min a rai. Makunnin ya yi abin da aka ce zai yi, amma gargaɗin da tsohuwa ba za ta iya karantawa ba bai amfane ta da komai ba.

Wani abin da ya ci min lokaci: na gwada saka WhatsApp ma a Ask every time. Kwana ɗaya na jure, mai saƙon murya sama da hamsin a rana ba za ta iya ba. Garin sauri kuma na danna Don't allow sau biyu, daga nan wayar ta daina fito da tambayar kwata-kwata, haka tsarin yake tun Android 11. Sai da na danne hoton manhajar, na shiga App info, na shiga Permissions, na mayar da Microphone kan Allow only while using the app, sannan saƙon murya ya dawo. Duk wadda ta ga manhajarta ta daina jin murya kuma ba ta tambaya, ta fara duba nan kafin ta kai wa mai gyara.

Yanzu manhajoji huɗu ne ke da izinin dindindin a wayata, uku suna tambaya. A cikin Permissions na waɗanda ba na yawan buɗewa na bar makunnin da ke janye izini idan an yi watanni ba a taɓa manhaja ba a kunne. Yaron kuma sai a gabana yake sauke abu, kuma idan ya dawo min da wayar saman dama nake fara kallo. Maki bakwai na ba ta. Ukun da na rage na saƙon Hajiya ne da na wata ukun da ba zan taɓa iya dubawa ba.