Yashi da gawayi a matacin ruwan sama: wanne ne ke yin aikin?

"Ɗalibaina na aji biyu na ƙaramar sakandare za su haɗa samfurin tara ruwan sama da tace shi. Tsakanin yashi da gawayi wanne ya fi tsabtace ruwa, kuma wanne zan sa a sama? Mun gwada, sai ruwan ya fito baƙi."

Malama, sannu da ƙoƙari. Aikinsu ba ɗaya ba ne, don haka shawarata ki jera goruna uku na lita 1.5 maimakon ɗaya. Ki yanke gindinsu, ki kifa su baki ƙasa, ki ɗaure farin ƙyalle a bakin kowacce. Ta farko yashi zalla, ta biyu gawayi zalla, ta uku haɗin biyun. Sai ki dama ruwa da ɗan jar ƙasa, ki ɗiga masa ruwan zoɓo kaɗan, ki zuba kofi ɗaya a kowacce.

A gorar yashi ruwan zai fito garau amma da sauran launin zoɓo. Yashi tare datti yake yi: laka da ƙura da ɓurɓushin ganye suna maƙalewa a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa, galibi a santimita biyu ko uku na sama, shi ya sa za ki ga saman ya yi duhu. Abin da ya narke a ruwa kuwa, kamar launi ko gishiri, wucewa yake yi abinsa. Yashi mai laushi ya fi tarewa amma ruwa na jinkiri a cikinsa, kuma jinkirin nan shi ake so. In ruwa ya zube cikin daƙiƙu kaɗan, ko dai ƙwayoyin yashin sun yi girma, ko ruwan ya yi wa kansa hanya ta jikin gorar.

A gorar gawayi akasin haka za a gani. Ruwan zai iya fitowa da sauran laka, sai dai launin ya ragu. Jikin gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma abubuwan da ke kawo wari da launi suna mannewa a bangon ramukan. Gawayin girki bai kai wanda aka sarrafa a masana'anta don tace ruwa ƙarfi ba, don haka kada ki yi wa yara alkawarin launin zai ɓace baki ɗaya. Sannan yana ƙoshi. Idan ramukan suka cika, wari ya fara dawowa, sai a sauya shi, alhali yashi kankare samansa ake yi a wanke a mayar.

Daga nan tsarin gora ta uku ya fito. Yashi ne zai fara karɓar ruwan, domin in laka ta riga isa gawayi za ta toshe ramukansa ya tashi daga aiki. Daga bakin gora zuwa sama: tsakuwa santimita 3, gawayi santimita 6, ƙyalle, yashi santimita 8, sai 'yar tsakuwa a kai don kada zubar ruwa ta haƙa rami a yashin.

Baƙin da kuka gani garin gawayi ne. A daka shi ya koma kamar ƙwayar gero, a tankaɗe garin a zubar, a yi ta ɗauraye sauran har ruwan wankin ya daina baƙi. Shi ma yashin a wanke shi a bokiti, kuma a zubar da ruwan da ya fara fitowa daga matacin.

Ɓangaren tarawa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Guntun kwanon rufi mai tsawon santimita 50 da faɗin 40, in aka yayyafa masa lita 2, daidai yake da ruwan milimita 10. Ki sa ƙaramar kwalba a ƙarƙashin indararo wadda za ta fara cika kafin ruwa ya wuce mataci, don ruwan farko shi ke wanko ƙurar rani da kashin tsuntsaye da na ƙadangare.

Abu ɗaya nake roƙo, Malama: kada yaro ko ɗaya ya sha wannan ruwan. Gorar nan ba ta kashe ƙwayoyin kwalara ko taifot, komai kyan ruwan a ido. Matacin yashi na gida da ke rage ƙwayoyin cuta sosai yana da zurfin yashi kusan rabin mita, ruwa na kwance a kansa kullum, kuma sai ya yi kamar wata guda kafin ƙananan halittun da ke cinye su su kafu a samansa. Ki ƙara kofi na ƙarshe a samfurin, a rubuta a jikinsa cewa sai an tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko an sa masa maganin kulorin, kafin a sha.