Sitabilaiza ko yufiyes ga kwamfutar da ke mutuwa tana tashi da kanta

"Kwamfutata ta tebur tana mutuwa ta sake tashi da kanta, musamman da magariba idan ƙwan ɗaki ya dushe. Sitabilaiza zan saya ko yufiyes?"

Ɗan'uwa, sitabilaiza za ka fara saya, domin dushewar ƙwai alama ce ta cewa wutar ba ɗaukewa take yi ba, ƙarfinta ne yake raguwa. Wutar da ya kamata ta shigo gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, amma da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna kayansa a kan taransifoma ɗaya, takan sauka ƙasa sosai. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, idan mai araha ne, yawanci an yi shi ne don bolt 200 zuwa 240, kuma za ka ga an rubuta hakan a jikinsa. Idan wuta tana ƙasa da ma, sannan firji ko injin jan ruwa ya tashi ya ƙara janye ta, akwatin ba ya iya riƙe abin da yake ba kwamfutar, sai ta mutu ta tashi.

Kana iya tabbatarwa kafin ka kashe kuɗi. Ka sa mai gyaran wuta ya auna soket ɗinka da mita a daidai wannan lokacin. A Windows kuma ka buɗe `eventvwr`, wato manhajar da ke nuna bayanan abubuwan da suka faru a kwamfuta, ka nemi `Kernel-Power` mai lamba 41, wanda ke nuna cewa na'urar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Idan hakan yana faruwa da rana tsaka alhali wuta tana cike, to ka binciki zafi ko akwatin wutar kansa, domin sitabilaiza ba za ta gyara wannan ba.

A cikin sitabilaiza akwai taransifoma mai mahaɗai da yawa, tare da 'yan makunnai da ke zaɓar mahaɗin da ya dace gwargwadon wutar da ta shigo, shi ya sa kake jin tana ƙas-ƙas. Idan wuta ta faɗi sai ta ɗaga ta kusa da 220, idan ta hau sai ta sauke ta, masu kyau kuma sukan yanke ta baki ɗaya idan ta wuce iyaka. Tawa mai lamba 1000VA ce, VA kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da take iya ɗauka, kuma tun da na sa ta a shagon da nake buga takardu, mitar shigowa takan nuna 160 da magariba yayin da ta fita take tsaye a 220, kwamfutar kuwa ba ta sake katse mini aiki ina tsakiyar takardar mutane ba. Ina kuma jin daɗin ɗan jinkirin da take yi idan an dawo da wuta, domin ba ta sakin ta sai ta daidaita.

Batun girma yana da lissafi. Kwamfutar ofis da allonta ba su cika wuce wat 250 ba, wanda ya kai kimanin 360VA. Amma ƙarfin sitabilaiza yana raguwa idan wutar shigowa ta yi ƙasa, har yakan kusa komawa rabi, saboda haka ka ninka ya zama 720VA, ka sayi 1000VA. Kada ka haɗa mata dutsen guga, ko firinta mai amfani da garin tawada, domin tana jan wuta da yawa lokacin da take ɗumama.

Yufiyes kuwa, wanda ake rubuta UPS a kwalinsa, yana da batir, kuma shi kaɗai ne ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ƙifta ko ta ɗauke, abin da sitabilaiza ba ta iyawa tun da ba ta ajiye komai. Sai dai ƙaramin da na taɓa saya ya riƙa ɗaukar raguwar wuta tamkar ɗaukewa, yana komawa batir yana kuka har batirin ya mutu. Idan daga baya ka ga ƙiftawa ma tana damunka, ka saye shi ka jona shi a bayan sitabilaizar.

A kasuwa ka yi hattara da masu manna babbar lamba a kan ƙaramar taransifoma. Ka ɗaga ta da hannunka, domin ta gaskiya tana da nauyi, ka duba mafi ƙarancin wutar da take karɓa, wadda ya kamata ta kasance ƙasa da abin da aka auna a gidanka, sannan ka sa a jona mata kaya a gabanka ka karɓi rasit. Idan hadari ya taso da tsawa kuma, ka zare filogi daga bango, domin ba a yi sitabilaiza don tare aradu ba.