A datse gefen ko a goge? Amsa kan hoton fanorama na bakin kogi

"Na ɗauki fanorama a bakin kogi nan Yamai, Gadar Kennedy a tsakiya, girmansa 12000 × 3000. A can ƙarshen hagu akwai rabin kabu-kabu, kuma wayar lantarki ta rabu gida biyu a inda hotunan suka haɗu. In yanke wajen ne, ko in goge?"

Malam, ni dai yankewa zan ce, tunda matsalolin biyu a gefe ɗaya suke. Amma bari in jera maka hanyoyin biyu ka gani da kanka.

Gogewa, wato Healing a Snapseed ko Clone da Heal a GIMP, aikinta ta kwafo daga wurin da ke kusa ta lulluɓe abin da ba ka so. A kan sarari, ruwa ko rairayi tana fita tsaf. A bakin hoto kuwa sai ta raunana, don daga ɓangare ɗaya kawai take samun abin kwafowa. Kabu-kabun zai tafi ya bar dabbare, ko ka ga dutse guda ya fito sau biyu. Wayar ta fi wuya. Ta rabu ne saboda lokacin ɗauka ka juya da jikinka gaba ɗaya maimakon salular ta juya a wuri guda, sai abin da ke kusa ya gusa fiye da na nesa, manhajar ta daidaita gadar ta bar wayar a karye. Ƙarshe ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, in ka liƙa su sai gwiwa ta fito, kuma ido ba ya yafe wa miƙaƙƙen layi.

Yankewa ba ta ƙirƙiro komai, faɗi kawai take ci. To nawa za ta ci? Buɗe hoton a kwamfuta, ka ƙara girmansa zuwa 100%, ka bi wayar har inda ta koma daidai. Kada ka tsaya a kan karayar kanta: duba sararin sama da ke kanta, sau da yawa akwai siririn zane a tsaye inda haske ya bambanta, shi ma cikin ɗinkin yake. A ce kabu-kabun ya ƙare a fiksel na 500, ɗinkin kuma a na 880. Ka datse a 896. Saura 11104 × 3000, wato ka rasa wajen kashi 7.5 cikin ɗari. In an buga shi da faɗin mita ɗaya, fiksel 111 ke cikin kowace santimita maimakon 120, bambancin da mai kallonsa a bango ba zai lura ba.

Me ya sa 896 ba 900 ba? JPEG yana ajiye hoto ne a ƙananan murabba'ai na fiksel 8 ko 16. In ka yanke a manhaja ka sake ajiyewa, za a sake matse hoton duka, ingancinsa ya ɗan ragu. Da jpegtran, wata ƙaramar manhajar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, ana yankewa ba tare da sake matsewa ba, sai dai dole layin hagu ya faɗa kan iyakar murabba'i, kuma 896 shi ne 16 sau 56:

```
jpegtran -crop 11104x3000+896+0 -copy all asali.jpg > yankakke.jpg
```

In ka ba shi lambar da ba ta dace ba, da kansa zai ja layin baya zuwa hagu. Ka rubuta 890, yana iya komawa 880, ka tsinci kanka daidai bakin ɗinkin da kake gudu.

Abu biyu za ka lura da su bayan yankan. Gadar da ke tsakiya ta ɗan karkato hagu, wanda a ganina ba laifi ba ne. Sannan siffar ta tashi daga 4:1 ta koma kusan 3.7:1. In firam ɗinka 4:1 ne, tsayin zai koma 2776, ka cire fiksel 224, kuma daga sama ya fi, tunda sarari ne zalla.

Yaushe gogewa ke gaba? In ɗinkin ya shigo ciki sosai, misali ya kai fiksel na 3000, har yankewa za ta cinye kwata na hoton ko ta taɓa ƙafar gadar. Haka nan fanorama mai zagaye 360, wanda dole siffarsa ta zauna 2:1, in ka datse gefensa zagayen ba zai rufe ba. Naka ba ya cikin waɗannan. Yi aikin a kan kwafi, ka adana na asali, kuma in za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin Document don kada a rage masa girma.