Ɗan akwatin lojik analaiza da na saya: abin da ya nuna min a kan famfon rijiyarmu

Salam jama'a. Wata biyu kenan ina amfani da ɗan ƙaramin lojik analaiza ɗin nan mai layi 8 da ake sakawa a USB na laftof, wanda aka rubuta 24MHz a jikinsa, girmansa bai fi akwatin ashana ba, aikinsa ya nuna maka a allo lokacin da kowane layi a sakit yake 0 ko 1. Na sa wani ƙanena ya sayo min a Sabon Gari ya ba direba ya kawo min nan ƙauyenmu wajen Ringim. Na ce bari in faɗi abin da na gani saboda masu sana'a irin tawa, don ya warware min matsalar da ta hana ni barci kusan sati uku.

Muna da rijiyar burtsatse mai sola, tanki biyu take cikawa, na masallaci da na makarantar islamiyya. Ni na haɗa musu ɗan sakit da ke tada famfo. Taima ce CD4060 take juya layi duk bayan kamar minti 15, na kira ta A. In A tana 1 tankin masallaci ake saurare, fulot ɗinsa, wato makunnin da ke yawo a kan ruwan tanki, shi ne B, in A tana 0 na islamiyya ake saurare, shi ne C. Fulot yana ba da 1 in tanki na son ruwa. Lissafin gaba ɗaya shi ne:

```
F = A·B + A'·C
```

AND biyu daga CD4081, OR ɗaya daga CD4071, sai NOT ɗin da ke juya A ta koma A' na ɗauka daga CD40106 tunda dama ina amfani da ita wajen tace rawar da fulot ke yi kuma akwai ragowar get a ciki. F tana tada rile. Sai na ƙara kaunta 74HC4040 da ƴan fitilu don in san sau nawa famfon ke tsayawa a wuni, saboda yawan tashi da tsayawa shi ke gajiyar da famfo, ita kuma kauntar nan duk sanda layi ya faɗo daga 1 zuwa 0 take ƙirga ɗaya.

To fa nan ake yinta. Ran nan na zauna gindin darbejiya tun hantsi har la'asar ina ƙirgawa da kunnena, famfo sau 3 ya tsaya, kaunta ta ce 14. Na canza kaunta, haka. Na ƙara kafasta a layin wuta, haka. Na zargi waya, na zargi zafi, na sa mita a kan F tana zaune daram a 5V ba ta ko motsi. Malam mai kula da rijiyar har ya ce min, "Injiniya, ka cire fitilun nan mana tunda ruwa dai yana hawa." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, amma ni abin ya tsaya min a rai, sakit get huɗu kacal a ce ban san me yake yi ba.

Da akwatin ya iso na sauke PulseView, manhajar da ke nuna abin da yake ɗauka, kyauta ce, na ɗaure B da C duka a 5V wato tankuna biyu duk suna son ruwa, na matsar da A zuwa wata ƙafar taimar mai sauri don kar in zauna jiran minti 15. Na maƙala layi huɗu: A, fitar AND ta farko, fitar AND ta biyu, da F. Karon farko ban ga komai ba, F a miƙe kamar titi, har raina ya fara ɓaci na ce an sayar min da kayan wasan yara. Ashe laifina ne, a 1MHz na bar shi, wato sau ɗaya yake leƙawa a kowane nanosakan 1000, abin da nake nema kuma ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Da na ɗaga zuwa 24MHz na sa ya fara ɗauka daidai lokacin da A ke faɗowa, sai ga shi ɓaro-ɓaro. F ta faɗi 0 na tsawon leƙe uku ta koma 1. Kowane leƙe wajen nanosakan 42 ne, kenan ramin ya kai kamar 125. Wallahi sai da na ce Allahu akbar ni kaɗai a shago.

A allon ana ganin dalilin da ido. Lokacin da A ta sauka daga 1 zuwa 0, AND ta farko tana sakin layi nan da nan bayan ɗan jinkirinta. AND ta biyu ita ya kamata ta karɓa, amma sai ta jira NOT ta gama juyawa tukunna, kuma CD40106 a 5V ba ta da sauri, takardarta ma wajen nanosakan 140 take cewa. A wannan ɗan tsakanin duka biyun suna 0, OR ba ta da abin riƙewa sai ta saki. Kamar mutum biyu ne ke miƙa wa juna bokiti, na farko ya saki kafin na biyu ya kama. Rile ba ya jin wannan ko kaɗan don shi sai an yi milisakan da yawa kafin ya motsa, mita ma haka, amma 74HC4040 mai sauri ce, a wurinta famfo ya tsaya kenan, ta ƙirga. Abin da ya ƙara tabbatar min, in A tana hawa daga 0 zuwa 1 babu komai, saboda a nan AND ta farko tana kamawa kafin ta biyu ta saki. Gefe ɗaya kawai yake faruwa, sau ɗaya a kowane zagaye na rabin awa in tankunan biyu duk ba su cika ba, kuma da na lissafa awannin rana sai ƙarin 11 ɗin nan ya zauna daidai.

Sunan abin a littafi sitatik hazad na 1, wato fita ya kamata ta zauna a 1 kafin canji da bayan canji amma ta ɗan leƙa 0 a hanya, ɗan ƙiftawar kuma shi ake ce wa gilic. An koya mana a foli, na haddace na ci jarrabawa na manta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da biro da takarda ma zan iya kama shi tun kafin in kunna ayan, da taswirar nan ta Karnaugh da ya fitar tun 1953:

```
      BC
A    00 01 11 10
0     0  1  1  0
1     0  0  1  1
```

Da'ira ɗaya ta kewaye 1 biyun da ke sama, ita ce A'·C, ɗaya ta kewaye biyun ƙasa, ita ce A·B. Yanzu ku duba ƙarƙashin 11, akwai 1 a sama akwai 1 a ƙasa, maƙwabtan juna ne katanga ɗaya, amma babu da'irar da ta haɗa su. Duk inda ka ga haka, 1 biyu suna jingine da juna kowanne a da'irarsa daban, to tsallakawa daga wannan zuwa wancan dole get ɗaya ta saki wata ta kama, kuma nan ramin yake. Kar a manta gefen dama da gefen hagu na taswirar ma maƙwabta ne, can ne ido ya fi tsallakewa.

Maganin shi ne ka zana da'ira ta uku a kan waɗannan biyun. A cikinta A ce kaɗai ke canzawa, B da C duk 1 ne, saboda haka sunanta B·C:

```
F = A·B + A'·C + B·C
```

Ta fuskar teburin gaskiya wannan ƙarin bai canza ko layi ɗaya ba, shi ya sa a aji ake koya mana mu goge shi a matsayin ɓarnar get, kuma ni ma abin da na saba kenan, rage get shi ne gwaninta. Amma teburi bai san lokaci ba. B·C ba ruwanta da A, in tankuna biyu na son ruwa tana nan riƙe da 1 ko A ta hau ko ta sauka. Ban sayi komai ba, CD4081 get huɗu ce a ciki biyu suna zaune banza, CD4071 ma huɗu ce uku suna zaune, na ɗauki AND ɗaya da OR ɗaya, wayoyi ƴan ƙalilan, minti 20 na gama. Na sake maƙala analaiza na bar A tana ta juyawa, AND biyun farko har yanzu ana ganin gibin a tsakaninsu, amma F ko gezau. Washegari kaunta ta ce 4, ni ma 4 na ƙirga.

In sakit ɗinka a juye yake, OR a gaba AND a ƙarshe, to 0 za ka bi a taswirar ba 1 ba. Irin nawa zai zama (A+C)·(A'+B), yana ɗan leƙa 1 in B da C duk 0 ne A kuma ta hau, sai a ƙara (B+C).

Kar wani ya ɗauka ƙarin nan yana maganin komai, sai in abu ɗaya ne ya canza a lokaci guda. Misali ana A=0, B=0, C=1 sai A da B suka tashi tare zuwa 1, farko F tana 1 ƙarshe ma 1, amma in A ta riga B isowa an ratsa ta 101, kuma nan 0 ne a taswirar kanta, babu da'irar da za ta rufe shi ba tare da ka ɓata lissafin ba. A rijiyarmu da wuya fulot da taima su motsa a ƙiftawa guda, na bar shi haka. Wanda abin ya dame shi sai ya bi da F ta filif-fulof mai agogo, ya karanta bayan komai ya lafa.

Shi akwatin kansa, ga inda ya gaza. Ni na ci sa'a ne aisi ɗina masu nawa ne. In da 74HC na yi amfani da su gaba ɗaya gilic ɗin zai iya zama wajen nanosakan 10, zai riƙa wucewa tsakanin leƙe da leƙe, wani lokaci ka gani yawanci ba ka gani, saboda haka in bai nuna ba ba shaida ba ce cewa babu. Kuma 0 da 1 kawai yake nunawa, ba zai gaya maka ko layin ya faɗi har ƙasa ko rabi ya tsaya ba, wannan sai osiloskof. A 24MHz in na sa shi a ramin USB ɗaya da wani abu yakan katse ɗauka, sai na cire komai na bar shi shi kaɗai. Wayoyin da ya zo da su kuma ba su da kirki, biyu sun saki a sati na farko, na yi nawa. Sannan don Allah kar a kai shi kusa da layin 12V na rile, iyakarsa 5V, kuma a fara haɗa wayar GND kafin sauran.

Duk da haka zan sake sayensa gobe in ya ɓace, musamman ga mai aiki da aisi ƴan jerin 4000, su CD4081, irina. Yanzu haka akwai wani sakit na injin ƙyanƙyasa da na haɗa wa wani mai kaji bara, yana cewa wani lokaci tiren ƙwai na juyawa ba lokacinsa ba. Na zana taswirarsa daren jiya na ga wuri biyu da 1 ke jingine ba da'ira, ranar kasuwa zai kawo min shi in maƙala in gani ko su ne.