Shagon Cajin Waya da Sola ko Sana'ar POS?

Masu ƙaramin jari na yawan tambaya: tsakanin shagon cajin waya da sola da sana'ar POS, wanne za su kama a shekaru masu zuwa?

Sola ta fi cin kuɗi tun farko. Waya ɗaya tana shan wuta kusan 15Wh a caji ɗaya, hamsin a rana 750Wh ke nan. Fanel mai 300W da batir 12V 100Ah za su ɗauka, matuƙar yawancin cajin da rana ake yi. Batirin ne ke karya mutane. Na dalma, idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum, da wuri yake mutuwa. Alamarsa, ya cika nan da nan, ya sauka kafin isha'i.

Na'urar POS ba ta da tsada, amma tsabar kuɗin da kake juyawa su ne jarin. Suka ƙare da azahar ranar kasuwa, ciniki ya tsaya. Ga alat na bogi: kada ka miƙa kuɗi sai sun bayyana a asusunka.

Wanda ke ƙauyen da wuta ba ta kai ba, sola ta fi dacewa da shi. Mai rumfa a bakin kasuwa ko tasha, inda sabis ke da ƙarfi kuma yana da hanyar samun tsaba kullum, ya duba POS.