Tambayar hali ko tambayar aiki: wacce ke sa ma'aikaci ya faɗi gaskiya?

"Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini shirya tambayoyin da ma'aikatan sashenmu za su amsa kafin zaman tantance aikin ƙarshen shekara. In tambaye su ƙarfinsu da rauninsu kai tsaye, ko in sa su kawo ayyukan da suka yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗauki ta biyun. Ta farko tana sa mutum ya yanke wa kansa hukunci, mu kuwa an tashe mu da cewa yabon kai jahilci ne. Sai mai kunya ya rage wa kansa, mai baki ya ƙara, shugaba ya rasa abin kamawa. Ta biyu labarin abin da ya faru kawai take nema, shi kuwa ana iya bin diddiginsa.

A ce mai kula da sito ne. Idan kika rubuta masa "Mene ne ƙarfinka?", amsar da za ki samu ita ce: yana da himma, yana zuwa a kan lokaci, yana zaman lafiya da kowa. Mutum goma za su rubuta haka. Wanda ya saba cike APER, fom ɗin tantance aikin shekara a aikin gwamnati, shi ma jerin ayyukan kujerarsa zai kwafo miki, alhali wannan abin da aka ɗauke shi ya yi ne, ba abin da ya yi ba.

Yanzu ki sauya: "Kawo ayyuka biyu ko uku da ka kammala bana. Yaya abin yake kafin ka sa hannu? Me ka yi da kanka? Yaya ya koma? Wace takarda ce shaida?" Sai ya ce a ƙidayar Janairu, kaya iri 40 cikin 300 ba su dace da abin da ke katinsu ba. Ya fara ƙirga iri 25 duk Juma'a, ta yadda yake zagaye siton cikin mako 12, kuma a ƙidayar Satumba iri 6 ne kawai suka saɓa. Takardun ƙidayar biyu suna cikin fayil. Bai kira kansa mai himma ba, amma an gani. Kada ki cire "da kanka", domin idan babu ita kowa "mun yi" zai rubuta, ki kasa gane wanda ya ɗauki nauyin.

Wajen rauni ne tazarar ta fi faɗi. "Mene ne rauninka?" tana haifar da ɗaya cikin uku: a bar gurbin babu komai, ko a rubuta yabo a fakaice irin "aiki na sa ni manta kaina", ko a ɗora wa rashin kayan aiki. Ba laifinsu ba ne, sun san takardar na iya shafar ƙarin girma. Madadinta: "Wane aiki ne ya makara ko aka dawo maka da shi? Cikin dalilan, wanne ne daga waje, wanne ne daga hannunka?" Tunda an ba uzuri gurbinsa, mutum ya fi sakin jiki ya cike ɗaya gurbin. Mai siton zai iya cewa rahoton wata ya makara sau uku: biyu saboda sassa ba su dawo da takardun karɓar kaya da wuri ba, ɗaya saboda da hannu yake haɗa jimla, bai iya yi a Excel ba. Ki biyo da "Me kake bukata don kada ya maimaitu?", sai zaman ya koma maganar horo da sa wa sassa ranar ƙarshe.

Ta biyun ma tana da matsala. Tana cin lokaci, kuma mutane abin watanni biyun ƙarshe suka fi tunawa. Ki raba takardar mako biyu kafin zaman, ki ce su duba fayil da saƙonni, a samu aƙalla misali ɗaya daga rabin farko na shekara. Tambaya biyar ko shida sun isa. Ga direba ko mai gadi, waɗanda nasararsu ita ce ba a samu matsala ba, ki tambayi wace matsala suka hango suka tare, kuma ki bar wanda rubutu ke yi wa wuya ya amsa da baki.

Abu ɗaya ki daidaita da shugabanku tun yanzu: kuskuren da mutum ya bayyana da kansa, tare da gyaran da ya kawo, kada ya zama hujjar ba shi takardar tuhuma. Idan aka yi wa mutum ɗaya haka, baɗi duk sashen "babu" za su rubuta a wannan gurbin.